Karat 18 da lambar 750: tambayoyi da amsoshi kan ainihin gwal ɗin da ke cikin kayan ado

A jikin maƙullin sarƙa, ko cikin zobe, ko a ƙafar ɗan kunne, akwai 'yan lambobi ƙanana da ba a iya karanta su sai an ƙura ido ko an sa gilashi. Wata sarƙar za a ga 18K, wata 750, wata 875, wata kuma 916. Mai shago ya san ma'anarsu, amma mai saye sau da yawa sai dai ta amince da abin da aka faɗa mata. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sayen gwal suka fi yi, musamman masu haɗa lefe da masu sayen sarƙa don ajiya.

Mene ne karat, kuma me ake nufi idan aka ce gwal karat 18 ne?

Karat ba nauyi ba ne. Rabo ne. Ana ɗaukar nauyin ƙarfen gaba ɗaya a kasa shi gida 24, sai a faɗi gida nawa ne zallar zinariya a ciki. Idan aka ce karat 18, gida 18 zinariya ce, gida 6 kuma wasu ƙarafa ne da aka narka tare da ita, galibi azurfa da jan ƙarfe. Sha takwas cikin ashirin da huɗu shi ne uku bisa huɗu, wato kashi 75 cikin 100.

Saboda haka awarwaron da ya yi giram 24 a kan sikeli, in karat 18 ne, yana ɗauke da giram 18 na zinariya da giram 6 na gauraye. Zoben giram 4 yana da giram 3. Sarƙar giram 40 tana da giram 30. Komai girman abin ko ƙanƙantarsa, rabon ba ya canzawa: kwata ɗaya na nauyinsa ba zinariya ba ne.

To ita kuma lambar 750 fa? Wani gwal ne daban?

Abu ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta. A nan an kasa nauyin gida 1000 ne maimakon 24. Wannan shi ne ma'aunin tsantsa, wanda matatun zinariya da ofisoshin gwaji suke aiki da shi. Lambar 750 na nufin gida 750 cikin 1000 zinariya ce, kuma uku bisa huɗu ɗin nan ne dai. Masana'antun Italiya da yawancin ƙasashen Turai 750 suke bugawa. Amurka ta fi saba da 18K. A ƙasashen Larabawa za a ji suna cewa "iyar" 18 ko "iyar" 21, kuma kayansu kan zo da ɗaya daga cikin lambobin biyu, wani lokaci da lambobin Larabci.

Juya ɗaya zuwa ɗaya ba wuya. A raba karat da 24, a ninka da 1000:

```
18 ÷ 24 × 1000 = 750
21 ÷ 24 × 1000 = 875
22 ÷ 24 × 1000 = 916.7
```

Haka karat 14 yake ba da 583, karat 10 ya ba da 417, karat 9 kuma 375. In aka tarar da lambar dubu ana son karat ɗinta, sai a ninka ta da 24 a raba da 1000.

In dai abu ɗaya suke faɗi, me ya sa ake da ma'auni biyu?

Na karat tsoho ne, ya samo asali daga kuɗin zinariya na Rumawa, wanda nauyinsa yake kasuwa gida 24. Ya zauna a bakin 'yan kasuwa domin yana da sauƙin faɗi. Amma takunsa yana da faɗi ƙwarai. Tsakanin karat ɗaya da na gabansa akwai kusan gida 42 cikin 1000. Kamar awon hatsi da mudu ne da kuma awonsa a kan sikeli: mudu yana biyan buƙatar kasuwa, amma ba ya nuna 'yar tawayar da ke saman.

A ga yadda wannan yake shafar aljihu. A ce an gwada wata sarƙa mai giram 50, na'ura ta nuna 730. A bakin ɗan kasuwa wannan "sha takwas ne", domin karat 17.5 ne, ya fi kusa da 18 a kan kowace lamba da ake sayarwa. Amma sarƙar 750 mai wannan nauyi tana da giram 37.5 na zinariya, ita kuwa ta 730 tana da giram 36.5. Giram ɗaya cur ya tafi a cikin kalmar "kusan". Wannan ne ya sa masu sayen zinariya da yawa ba sa ciniki da karat. Sandunan zinariya da ake hada-hadarsu a kasuwar Landan dole tsantsarsu ta kai aƙalla 995, kuma ƙananan sanduna na ajiya kan zo da tambarin 999.9. A ma'aunin karat duka biyun "ashirin da huɗu" za a kira su, alhali a kilo ɗaya akwai tazarar kusan giram 5 a tsakaninsu.

Na ga 585 a wata sarƙa, na ga 583 a wata. Na ga 916, na kuma ga 917. Wanne ne daidai?

Duka daidai ne. Karat 22 lissafinsa 916.67 ne, wasu su yanke shi a 916, wasu su cike shi zuwa 917. Karat 14 kuwa 583.3 ne, amma masana'antun Turai sun ɗan ƙara zinariyar suka mai da shi 585, kuma shi ne aka fi gani yanzu. Tsofaffin kayan Tarayyar Sobiyet 583 suke ɗauke da shi. Karat 18 da 21 ba su da wannan ruɗanin, domin lissafinsu yana fita cif: 750 da 875.

Shin karat ɗin gwal shi ne karat ɗin da ake faɗi a kan lu'ulu'u?

A'a. Na duwatsu masu daraja nauyi ne, karat ɗaya giram 0.2 ne. Zobe zai iya zama gwal karat 18 mai ɗauke da dutse karat 1, kuma lambobin biyu ba abin da ya haɗa su.

Wato karat 18 ba gwal ne na gaske ba? An ce min "mis" ne.

Gwal ne na gaske, Hajiya. Gaurayen ba ha'inci ba ne muddin an faɗa miki lambar kuma an sayar miki a kan farashinta. Zallar zinariya tana da taushi sosai. Zoben karat 24 yana lanƙwashewa a yatsa, yana karcewa, kuma 'yan haƙoran da ke riƙe dutse ba sa daɗewa suke buɗewa. Azurfa da jan ƙarfe su ne suke ba ta ƙwari. Shi ya sa siraran sarƙoƙi na inji, da zobba masu duwatsu, da agogunan zinariya na Suwizalan yawanci 750 ne. Kofin duniya na ƙwallon ƙafa da ake ɗagawa tun 1974 ma da gwal karat 18 aka ƙera shi.

Kuma kada a manta, 21 ɗin da ake yabo shi ma gauraye ne, kashi ɗaya cikin takwas na nauyinsa ba zinariya ba ne. Na 22 ma haka, ɗaya cikin sha biyu. Kusan duk kayan adon da ake sawa kullum gauraye ne. Yawan gaurayen ne kawai ya bambanta.

Inda matsala take shi ne a sayar miki da 18 a kan kuɗin 21, ko a buga 750 a jikin abin da bai kai ba.

Wannan kashi 75 ɗin, na nauyi ne ko na girma?

Na nauyi ne, kuma tambayar tana da amfani fiye da yadda ake zato. Zinariya ta fi abokan gaurayenta nauyi nesa ba kusa ba. Ɗan dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, in na zinariya ne yana yin giram 19.3. Na azurfa giram 10.5 ne, na jan ƙarfe kusan giram 9. Don haka kwatan nauyin nan da ba zinariya ba yana cin wuri fiye da kwata. A gwal 750 da aka haɗa da azurfa da jan ƙarfe daidai wa daida, zinariyar tana cike kusan kashi 60 ne cikin 100 na girman ƙarfen, sauran kashi 40 na gauraye ne.

Abin da wannan yake haifarwa a shago shi ne, awarwaro biyu masu nauyi ɗaya, na 18 zai fi na 22 girma a ido. Idan kuma girmansu ɗaya ne, na 22 zai fi danna hannu. Tsofaffin 'yan kasuwa da ke jijjiga sarƙa a tafin hannu kafin su ɗora ta a sikeli, wannan bambancin suke saurara.

Me ya sa wani 18 ɗin rawaya ne, wani ja-ja, wani kuma fari fat?

Launin daga kwatan nan na gauraye yake fitowa. In aka raba shi biyu, rabi azurfa rabi jan ƙarfe, sai a sami ruwan ɗorawa mai ɗan haske. In jan ƙarfe ya rinjaya, sai ya koma ja-ja. In azurfa ce zalla, sai ya ɗan yi kore-kore. Farin gwal kuma da faladiyam ko nikel ake haɗa shi, sannan a lulluɓe shi da wani siririn ruwan rodiyam don ya yi ƙyalli. Wannan ruwan yana gogewa da daɗewa, zoben ya fara nuna ɗan rawaya-rawaya a ƙasansa. Ba jabu ba ne, sake masa ruwa ake yi. Amma mai fatar da ba ta jure nikel tana iya samun ƙaiƙayi ko ƙuraje a kunne da wuya, alhali gwal ɗin 750 ne na gaskiya.

A duk waɗannan launukan zinariyar ba ta ragu ba, uku bisa huɗu ce. Kuma a nan ne ya kamata a daina dogara da launi wajen gane karat. Gaskiya ne 21 da 22 sun fi 18 rawaya mai zurfi, amma masana'antu da yawa suna yi wa kayan 18 wankan ƙarshe da siririn ruwan zinariya mai tsantsa don su yi kama da 22 a cikin gilashi. Tagulla mai ruwan gwal ma haka take ƙyalli ranar da take sabuwa.

Yaya zan lissafa kuɗin da ya kamata na biya?

Fara da farashin giram ɗaya na zallar zinariya a ranar. Farashin duniya da oza ake faɗinsa, ozar zinariya kuma giram 31.1 ce. Don sauƙin lissafi, mu ƙaddara giram na zalla naira 100,000 ne. Wannan misali ne kawai, ba farashin kasuwa ba. A kan haka zinariyar da ke cikin giram ɗaya na karat 18 ta kai naira 75,000, ta 21 naira 87,500, ta 22 kuma kusan 91,600.

Yanzu ga sarƙa da ɗan kunne karat 18, nauyinsu giram 20, mai shago ya ce naira 95,000 giram. Jimilla naira 1,900,000. Zinariyar da ke ciki giram 15 ce, darajarta naira 1,500,000. Ragowar naira 400,000 kuɗin aiki ne da jigila da ribar ɗan kasuwa. Ba laifi ba ne, wanda ya ƙera da wanda ya ɗauko sai sun ci abinci. Amma ki san cewa wannan ɓangaren ba ya dawowa ranar da za ki sayar.

A gefenta kuma ga wata karat 21, ita ma giram 20, an ce naira 100,000 giram, jimilla naira 2,000,000. A ido ta fi tsada da naira 100,000. Amma tana ɗauke da giram 17.5 na zinariya. Raba kuɗin kowace da zinariyar da ke cikinta: ta 18 ɗin kin sayi kowane giram na zalla a kan kusan naira 126,700, ta 21 ɗin kuma kusan naira 114,300. Mai arahar a baki ita ce mai tsadar a lissafi. Ba kullum haka take kasancewa ba, amma kayan 18 sun fi yawan aikin inji mai ƙawa, kuma kuɗin aikinsu kan fi yawa.

Sai batun duwatsu. In ɗan kunne yana da 'yan duwatsu masu ƙyalli, ko an cika cikin awarwaro da wani abu don kada ya lotse, duk wannan yana hawa sikeli. A ce duwatsun sun kai giram 2 cikin giram 20 ɗin nan. Ƙarfen giram 18 ne ke nan, zinariyar kuma giram 13.5, ba 15 ba. Ranar saye an auna miki su a kan kuɗin gwal, ranar sayarwa kuma za a cire su kafin a auna. Ki nemi a rubuta nauyin gwal daban, na dutse daban.

Don ajiya, 18 ya fi ko 21?

In ajiya ce zalla, abin da ya fi shi ne wanda kuɗin aikinsa ya fi ƙanƙanta a kan zinariyar da ke ciki: sanda ko tsabar zinariya, sai awarwaro mara ado na 21 ko 22. Tsabar zinariya ta Ingila da ake kira sovereign, alal misali, karat 22 ce, nauyinta giram 7.98, zinariyar cikinta giram 7.32, kuma duk inda aka kai ta an san lissafinta. In kuwa abin sawa kullum ake so, zobe ko siririyar sarƙa, 18 ya fi jure wahala. Giram 15 na zinariya dai giram 15 ne, ko a cikin 18 yake ko a cikin 21, kuma mai narkarwa wannan yake biya.

Ina da tsohuwar sarƙa 18, ina so a auna ta da 21. Giram nawa za ta ba ni?

A ninka nauyinta da 18 a raba da 21. Sarƙar giram 35 ta 18 tana daidai da giram 30 na 21, domin kowace tana da giram 26.25 na zalla. Wannan lissafin zinariya ne kawai, ban da kuɗin aikin sabuwar. Game da hukuncin musayar zinariya da zinariya tare da ciko, akwai ƙa'idoji a shari'a, kuma abin da malamai suka fi ba da shawara shi ne a sayar da tsohuwar a karɓi kuɗi, sannan a sayi sabuwar.

In na kai wa maƙeri kayana ya narka, karat nawa zai fito?

Ya danganta da abin da ya shiga tukunyar. In kika ba shi giram 10 na 21 da giram 10 na 18, zinariyar ita ce 8.75 a tara da 7.5, wato giram 16.25 cikin giram 20. Wannan 812 ne da ɗoriya, karat 19.5. Ba 21 ba ne, ba 18 ba ne, kuma duk lambar da aka buga masa cikin biyun ba ta faɗi gaskiya ba.

Sauke karat abu ne mai sauƙi. Mai giram 30 na zalla da yake son 18 zai ƙara giram 10 na gauraye, ya sami giram 40. Masu koyo sukan yi kuskure a nan: su ji an ce kashi 25, sai su ƙara kashi 25 na nauyin zinariyar, wato giram 7.5. Abin da zai fito 800 ne, ba 750 ba, domin kwatan na jimillar nauyi ne, ba na zinariyar kaɗai ba.

Ɗaga karat kuwa yana da tsada. Kafin giram 10 na 18 ya koma 21, sai an zuba masa giram 10 na zalla, wato daidai nauyinsa. In ba haka ba sai dai a tace shi da asid a fitar da gaurayen, nauyi ya ragu. Duk wanda ya ce zai "wanke" miki 18 ya koma 21 ba tare da ƙari ko raguwar nauyi ba, samansa kawai zai rina.

Akwai kuma lahami. Wurin da aka liƙa maƙulli ko aka gyara tsinkewa, sau da yawa ƙarfen liƙin karat ɗinsa bai kai na sarƙar ba, domin ana son ya riga ta narkewa. Sarƙar da ta sha gyara, in aka narka ta, takan fito ƙasa da lambar da ke jikinta kaɗan.

In na ga 750 a jiki, shi ke nan na tabbatar?

A'a. Lambar da'awa ce, kuma ƙarfen buga ta ba wuyar samu gare shi ba. Ƙarfinta ya dogara ne ga wanda ya buga ta da dokar da ke bayansa. A Birtaniya, bisa dokar 1973, ofishin gwaji mai zaman kansa ne yake buga tambarin bayan ya gwada, kuma ofisoshin huɗu ne: Landan, Birmingham, Sheffield da Edinburgh. Can ba a yarda da tawaya ko kaɗan ba, abin da ya fito 749 ba zai sami tambarin 750 ba. Amurka ta bar wa masana'anta su buga da kansu, tare da sassaucin gida 3 cikin 1000. Indiya ta wajabta tambarin hukuma daga 2021. Kayan Italiya kan zo da 750, kusa da shi kuma da ɗan tauraro da lambar masana'anta da haruffa biyu na lardi, kamar AR na Arezzo ko VI na Vicenza.

A kula da haruffan da ke biye da lambar. In an ga 18K GP, ko 18K GEP, ko HGE, ko RGP, ruwan gwal ne a kan wani ƙarfe: siririn saman ne karat 18, cikin ba gwal ba ne. GF ya fi kauri, amma shi ma lulluɓi ne. Lambar 925 kuwa ta azurfa ce, ko da abin rawaya ne.

Wata dabara da ake yi ita ce a ɗauki maƙulli na gaske mai 750 a liƙa wa sarƙar da ba ta kai ba. Don haka in za a gwada, a gwada jikin sarƙar, ba maƙullin kaɗai ba.

Yaya ake gwadawa, kuma wane gwaji ne abin dogaro?

Mayen ƙarfe shi ne na farko, kuma shi ne mafi rauni. In ya kama jikin sarƙar, ba gwal ba ce. In bai kama ba, bai tabbatar da komai ba, domin tagulla ma ba ta kamuwa. In kuma maƙullin kaɗai ya ɗan motsa, kada a tayar da hankali, akwai 'yar wayar baƙin ƙarfe a cikinsa da ke sa shi rufewa.

Na biyu shi ne dutse da asid, wanda ake gani a yawancin shaguna. Ana goga abin a kan baƙin dutse ya bar layi, a ɗiga asid ɗin da aka haɗa don karat 18. In layin ya tsaya, gwal ɗin ya kai 18 ko ya wuce. In ya dushe ko ya ɓace, bai kai ba. Gwani yakan ja layin wani gwal da ya san karat ɗinsa a gefe don ya kwatanta. Wannan gwajin yana raba 14 da 18, amma ba ya raba 730 da 750. In kuma lulluɓin yana da kauri kuma ba a goga da zurfi ba, saman kawai aka gwada.

Na uku na'urar XRF ce, wadda take haska abin ta fitar da lambar dubu a allo, har da yawan azurfa da jan ƙarfe. Ba ta lalata kaya, kuma ta fi asid daidaito nesa. Rauninta shi ne ba ta shiga ciki sosai, fatar ƙarfen take karantawa. A nemi a haska wurare biyu ko uku, har da inda ya goge.

Na huɗu gwajin ruwa ne, wanda masu sayen ɗanyen zinariya suka saba da shi. Ana auna abin a sikeli. Sannan a ɗora kofin ruwa a kan sikelin a mai da shi sifili, a rataya abin da zare a nutsar da shi ba tare da ya taɓa ƙasa ko gefe ba, a karanta abin da sikelin ya nuna. Sai a raba na farko da na biyu. Awarwaro mai giram 31 da ya nuna 2.0 a ruwa ya ba da 15.5, wanda ya dace da rawayan gwal 750. Na 22 yana kaiwa wajen 17.7, tagulla kuwa ba ta wuce 9 ba. Wannan gwajin yana ganin ciki, amma ba ya aiki a kan abu mai rami ko mai duwatsu, kuma a kan ƙaramin abu kuskure kaɗan yana rusa shi. Zoben giram 5 zai nuna wajen 0.32. In sikelin ya kauce ya nuna 0.30 ko 0.34, amsar za ta koma 16.7 ko 14.7, wato daga sama da 18 zuwa ƙasa da shi. Ƙarfen tangistan kuma nauyinsa kusan ɗaya da na zinariya, shi ya sa masu jabun sanduna suke cusa shi a ciki.

Gwajin da ake yanke hukunci da shi na wuta ne. Ana yanko ɗan guntu a auna, a naɗe shi da dalma tare da azurfa, a narka a cikin 'yar tukunyar da ke tsotse dalmar tare da jan ƙarfen. Abin da ya saura zinariya ce da azurfa, sai a narkar da azurfar da asid, a auna zinariyar da ta rage. Yana lalata guntun, don haka ba a yi wa sarƙar amarya, amma shi ne yake iya faɗin 748 ko 752 ba tare da shakka ba.

Ɗanyen zinariyar da ake haƙowa a Zamfara ko Jado, karat 24 ce tunda ba wanda ya gauraya ta?

Ba haka ba ne. Zinariya daga ƙasa take fitowa da gaurayenta, galibi azurfa, kuma yawan azurfar ya bambanta daga wannan rami zuwa wancan. Ban da haka akwai ƙasa da ragowar sinadaran da aka yi aiki da su, waɗanda suke fita in an narka. Shi ya sa mai saye yake narka ta tukuna, ya auna dunƙulen, ya yi gwajin ruwa, sannan ya yi farashi. Kaiwa 995 ko 999 aikin matata ne.

Wajen zakka, nauyin sarƙar zan lissafa ko zinariyar da ke ciki?

Nisabin zinariya misƙali 20 ne, wanda malaman zamani da yawa suka ƙiyasta da giram 85. Waɗanda suke lissafi da zalla suna cewa a fitar da ainihin zinariyar tukuna. A kan wannan, mai karat 18 ba zai kai nisabi ba sai nauyin kayansa ya kai kusan giram 113.3, domin uku bisa huɗu na wannan shi ne 85. Mai karat 21 kuwa kusan giram 97.1, mai 22 kusan giram 92.7. In kayan a gauraye suke, a fitar da na kowanne a tara: giram 60 na 18 ya ba da 45, giram 48 na 21 ya ba da 42, jimilla giram 87, ya haura nisabi da giram 2.

Akwai saɓani a nan. A mazhabar Hanafiyya, in zinariya ce ta rinjayi gaurayen, ana ɗaukar nauyin duka a matsayin zinariya. Sannan a mazhabar Malikiyya kayan adon da mace take sawa ba a fitar musu da zakka, saɓanin wanda aka saya don ajiya ko kasuwanci. Ki kai wa malaminku lambobi biyun, nauyin kayan da karat ɗin kowanne, ya faɗa miki wanda zai hau kanki.

Me ya kamata a rubuta min a rasit?

Nauyin gwal da giram har zuwa lamba biyu bayan ɗigo, nauyin duwatsu daban in akwai, karat ko lambar dubu, farashin giram na ranar, kuɗin aiki, kwanan wata, da sunan shagon. A auna a gabanki bayan an cire zare da takardar farashi, sikelin kuma ya fara daga sifili. In mai shago ya ce 18 ne da baki amma ya ƙi rubuta 750 a takarda, ki nemi a haska kayan a na'ura kafin ki biya.